Abin da Auta ta faɗa a kan dutse

Shekarar da na haifi ɗana na uku, damina ta yi ƙarfi a ƙasar Kazaure. Aiki aka yi min aka ciro yaron, saboda haka jegon nawa ya zo da dokoki masu yawa. Ba hawa mashin, ba ɗaga bokiti, ko dariya in na yi da ƙarfi sai ɗinkin ya tuna min yana nan. Goggon maigidana ce ta zo ta tare a gidan don ta kula da ni, mace mai kirki amma mai mulki. Ita ke faɗin lokacin da zan ci, da lokacin da zan kwanta, da lokacin da za a ba ni wayata.

Mu uku mahaifiyarmu ta haifa. Babbanmu namiji, shi muke kira Yaya, yana aiki can Kudu, sai sallah sallah muke ganinsa. Sai ni, ina koyarwa a wata firamare a cikin Kazaure. Sai Auta, wadda ta yi aure a ƙauyenmu na wajen Gwiwa, gidanta da na Inna katanga ɗaya ce ta raba. Tun rasuwar mahaifinmu ita ke ɗawainiyar Inna, musamman da ciwon suga ya kama ta. Ragamar gidan kuwa tana hannun Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda in ya yanke magana ba mai iya tanka masa sai Yaya, shi ma don yana babban ɗa namiji ne.

Ƙauyen namu ba sabis. Duk mai son waya sai ya bi ta bayan gonaki ya hau wani dutse mai faɗin kai, ya ɗaga hannu yana juyi har ya dace. Ko a can ɗin kira ba ya tsayawa, sai ka ji muryar mutum tana tsinkewa. Shi ya sa Yaya ya buɗe mana guruf na mu uku, ya koya wa Auta yadda za ta danne ɗan madannin nan ta yi magana, in ta gama ta ɗaga yatsa saƙon ya tafi. Karatun boko bai zauna mata ba, amma wannan ta iya. Bayan la'asar takan hau dutsen, ta tura nata, ta ɗan jira ta ji namu, ta sauko kafin magariba.

Matsalar Auta ɗaya ce: ba ta faɗin abu kai tsaye. Za ta yi sallama, ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi yara da sunayensu, ta ba mu labarin gero ya fara bununi, sannan a ƙarshe ta ce, "Jikin Inna kuma da sauƙi, ƙafar dai ga ta nan, sai a hankali. Shi ke nan, a gaida kowa da kowa." To me ke nan? A wurinmu ai ko mutum yana kan gargara da sauƙi ake cewa. Yaya yakan amsa da "Madalla, Allah ya ƙara sauƙi," ya wuce harkarsa. Ni kuwa sai na yi kamar ina aji. In na jero mata tambayoyi da yawa, sai ta zaɓi mai daɗin ta amsa ta bar sauran. Sai na koma ɗaya ɗaya, kuma irin wadda ba ta da wurin ɓuya. "Auta, yau Inna ta taka ta je bayi da kanta, ko riƙe ta kika yi?" Washegari sai in ji, "Riƙe ta na yi, Adda." Adda take ce min tun tana ƙarama. Da haka, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, na gano cewa ƙaya ce ta soki Inna a tafin ƙafa, wurin ya ƙi warkewa, yanzu har ya kumbura.

Na faɗa a guruf cewa a kawo ta asibiti. Yaya ya ce haka ne, zai yi wa Baffa magana da zarar ruwa ya ɗan tsagaita hanya ta yi kyau. A nan maganar ta tsaya.

Ranar da abin ya faru, yaron ya hana ni sakat tun safe. Da ya samu ya yi barci bayan la'asar, Goggo ta zare wayar daga hannuna ta tura ƙarƙashin filonta, ta ce in runtsa. Na runtsa kuwa. Da na farka rana ta yi sanyi, gabas ta haɗa hadari, na roƙe ta wayar kamar mai roƙon aro. Saƙo biyu na tarar, na Auta da na Yaya.

Na Auta gajere ne. Sallama kawai ta yi, ba ta tambayi kowa ba. Ana jin iska tana kaɗa mayafinta. Ta ce, "Yaya, Adda, ƙafar nan fa ta ƙara hawa, har ta fara sheƙi. Baffa ya zo ya duba ɗazu, ya ce ba za a ƙara jira ba, gobe da sassafe za a" sai shiru.

Na ɗauka wayata ce. Na sake kunnawa, na kara a kunne. Wurin nan dai ya sake tsayawa, a tsakiyar numfashinta, har ana jin bakinta ya buɗe zai faɗi kalma ta gaba. Sai na kunna na Yaya, wanda ya shigo jim kaɗan bayan nata. Muryarsa a sake, da ƙarar motoci a bayansa: "To madalla, Auta, na ji. Hakan ya yi, a yi hakan kawai. Ki ce wa Baffa na gode. Allah ya sa a dace."

A yi me?

Nan take na danna na ce, "Auta, saƙonki ya yanke, bai iso duka ba. Mun ji har inda kika ce gobe da sassafe za a, daga nan ba mu ji komai ba. Ki sake faɗa daga nan. Kada a yi komai sai kin faɗa mana mun amsa." Na tura a guruf, na kuma tura mata ita kaɗai. 'Yar alamar nan guda ɗaya ce ta fito, wadda ke nuna saƙo ya bar hannunka amma bai sauka a wayar mai shi ba. Na kira layinta, aka ce ba a samun sa. Ta riga ta sauka daga dutsen.

Na kira Yaya. Ko gaisuwar kirki ban yi masa ba, abin da ban taɓa yi ba.

"Yaya, me ka ce a yi?"

"A kai ta asibiti mana. Ba shi muke ta faɗa ba?"

"Ta ce asibiti? Ka ji kalmar asibiti a bakinta?"

Ya ce, "To in ba asibiti ba me za a yi da sassafe? Ke ma kin san Auta, haka take maganarta rabi da rabi. In za a jira ta faɗi abu filla-filla sai a kwana."

"Wannan ba irin waccan ba ce, Yaya. Kullum ita ke rufe maganarta da kanta, ta ce shi ke nan, ta yi sallama. Abin da ta ga dama ta faɗa ke nan, sai mu bi ta da tambaya. Yau ba ita ta tsaya ba, wayar ce ta tsaya. Sauran maganar tana nan, ta faɗe ta, mu ne ba mu ji ba. Kuma ita ba ta san ba mu ji ba. Yanzu duk abin da ta faɗa a ƙarshen nan, ta sauka da cewa ka ji ka amince."

Can ya ce, a hankali, "Bari in kira Baffa." Na ce masa Baffa ai a ƙauyen yake shi ma, wayarsa tana aljihu ba ta da amfani. Ya ce zai gwada duk da haka. Na san haushi nake ji, kuma na san ba mugunta ya yi ba. Mutum ne da ya saba jin Auta da rabin kunne, yana tafiya yana amsawa, don shekara da shekaru hakan bai taɓa jawo komai ba.

Goggo tana zaune tana jin mu. Ta ce in kwantar da hankalina, in sha Allahu alheri ne, ƙila mota za a nemo. Wata maƙwabciyata da ta shigo barka ta ce ita a ganinta rubutu za a karɓo wajen malam. Kowa ya ji saƙon sai ya ƙarasa shi da abin da ya fi masa daɗi. Ni ma ina ƙarasawa a zuciyata, sai dai nawa ba mai daɗi ba ne. Kalmar nan da Auta ta faɗa, sheƙi, ita ta tsaya min. Na san Baffa. Na san abin da ake yi a ƙauyenmu in kumburi ya nuna har ya yi sheƙi: a kira maƙeri ya gasa ƙarfe mai tsini a wuta ya huda wurin, mugunya ta fita. Sakiya ke nan. An yi wa mutane da yawa sun tashi, Baffa kansa yana da tabonta a cinya, yana nuna shi da alfahari. Amma su ba su da suga. Mu an sha gaya mana a asibiti cewa ko farce za a yanke wa Inna a yi a hankali, don ciwo a ƙafarta ba ya warkewa kamar na kowa.

Sai dai ban sani ba. Ƙila asibitin ne. Ƙila ni ce jego ya sa nake ganin baƙi a ko'ina. Wannan rashin sanin shi ya fi cina, don ba ni da abin da zan kama in ce ga shi.

Maigidana ya dawo daga aiki ya tarar da ni ina kuka, yaro yana kuka, Goggo tana faɗa. Ya saurari saƙon sau ɗaya, ya ɗauki makullin mashin. Na ce zan bi shi. Goggo ta miƙe ta tsaya a bakin ƙofa ta ce sai dai in bi ta kanta, da ɗinki ɗanye a cikina. Gaskiyarta ce, amma a lokacin ji na yi kamar in ture ta. Ya fita, ko titi bai kai ba ruwa ya sauko.

Tsakanin bakin kwalta da ƙauyenmu akwai rafi. Da rani yashi ne zalla, yara na wasa a ciki, amma in aka yi ruwa a kan duwatsu sai ya kawo har ya fi ƙarfin mutum. Bayan magariba maigidana ya kira ni daga garin da ke bakin kwalta. Ya ce ya je har bakin rafin, ya cika ya batse, 'yan acaɓa duk sun ajiye mashinansu, ba wanda ya yarda ya tsallaka ko da ƙafa. Ya yi ta ƙwalla kira ko akwai wani a tsallake, ruwa ya cinye muryar. Zai kwana gidan wani abokinsa, da asuba ya koma.

Na tambaye shi, "Ba wata hanya?"

Ya ce, "Akwai ta zagaye, amma ita ma sai an ratsa fadama. Ki yi haƙuri, ki yi addu'a."

Na yi addu'ar. Na kuma yi abin da ba shi da amfani: ina buɗe wayar ina kallon alamar nan ko ta zama biyu. Na san Auta ba za ta hau dutse cikin ruwa ba, na san sai la'asar ɗin gobe, amma ina dubawa. Yaya ya yi ta tura saƙo a guruf, ɗaya bayan ɗaya, yana cewa a dakata, kada a taɓa ƙafar, shi bai ji ƙarshen maganar ba. Duk suka jeru a ƙarƙashin nawa. Abin da ya isa ƙauyen dai shi ne na farkon, kuma ba yadda za a yi a janyo shi daga kunnen Auta.

Ruwan rafin bai janye ba sai da hantsi ya ɗaga. Maigidana ya bar mashin ya tsallaka da ƙafa, ruwa har ƙugu. Daga baya ya gaya min cewa tun daga zaure ya ji ƙaurin. Ya tarar maƙerin yana wanke hannu, Baffa yana yi masa godiya, Inna tana kwance a tabarma an ɗaure ƙafar da tsumma, ta ciji gefen zaninta. Da ya ce wa Baffa ai 'ya'yanta ba su amince ba, Baffa ya dube shi da mamaki na gaskiya. Ya ce shi bai taɓa matar ɗan'uwansa ba sai da babban ɗanta ya ba da izini, Auta ta kunna masa muryar ya ji da kunnensa, har godiya ya yi masa.

A ranar aka ɗauko Inna a amalanken shanu zuwa bakin rafi, aka tsallaka da ita a hannu, aka sa ta a mota zuwa Kazaure. Ta yi kwanaki a asibiti ana allura ana wanke ciwon. Ni ina gida, tsakanina da asibitin tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba ce, amma sau ɗaya tak Goggo ta bari aka kai ni a adaidaita. Na ga yatsun sun yi baƙi. Inna ta ja zani ta rufe, ta ce min da sauƙi, ta tambayi yaron. Na tare likitan a baranda na tambaye shi ko da an kawo ta ba a yi sakiyar ba, da ƙafar ta tsira. Ya ce ba zai iya rantsewa ba, don tun kafin nan ciwon ya yi nisa a ciki, amma ƙunar da hudar ba su taimaka ba. Ko wannan ɗin ma ban samu tabbacinsa ba. Daga ƙarshe suka ce sai Kano, kuma sai an yanke daga ƙasan gwiwa.

Auta ce ke jinya. Takan zo gidana ta yi wanka ta ɗauki abinci ta koma, ba ta zama, ba ta kallon idona. Maigidana ya gaya mata tun a ƙauye cewa saƙonta ya yanke, ta ce to. Na lura duk saƙonninmu sun sauka a wayarta tun ranar da ta shigo gari, amma ba ta ce komai a kansu ba. Ana gobe za a wuce Kano ta zo haɗa kaya. Na riƙo hannunta na zaunar da ita a bakin gado.

Na ce, "Auta, kin taɓa sauraron saƙon nan naki?"

Ta girgiza kai. Ta ce ita ba ta jin muryarta, kunya take ji.

Na kunna mata. Ta sunkuyar da kai tana ji, iska tana kaɗawa, muryarta tana cewa gobe da sassafe za a. Da ya tsaya sai ta ɗago ta dubi wayar tana jiran ya ci gaba. Ta karɓa ta sake dannawa da kanta. Ya sake tsayawa.

"Iya nan?" in ji ta.

"Iya nan."

"Adda, na daɗe fa ina magana. Yayyafi ake yi, hannuna ya jiƙe, na kara ta a bakina na rufe ido don kada in kasa faɗa. Har ƙafata ta yi sanyi a tsaye. Da na buɗe ido na ga ya tafi, sai na ce alhamdu lillahi, yau dai na faɗa musu komai."

Ba wanda ya ce ta maimaita. Ita ce kawai ta ci gaba, tana kallon bango, da irin muryar da take yi mana saƙo. Ta ce gobe da sassafe za a kira maƙeri ya yi wa Inna sakiya. Ta ce ita hankalinta bai kwanta ba, ta tuna abin da aka faɗa a asibiti, ta gaya wa Baffa ya ce yaushe aka haife ta. Ta ce Inna ma tsoro take ji, ta kama hannunta a ɗaki ta ce ta gaya wa yayyenta, amma ba za ta iya musa wa ƙanin mijinta da bakinta ba. Ta ce, "Yaya, don Allah ka ce a'a. Kalma ɗaya kawai, in kai wa Baffa ya ji muryarka. Adda, ke kin fi ni baki, ki sa baki. Ni kaɗai ba zan iya hana su ba. Ina nan a tsaye, ba zan sauka ba sai na ji daga gare ku."

Ta share fuska da gefen mayafi. Ta ce da amsar Yaya ta shigo, sau biyu ta saurara, don ba ta yarda da kunnenta ba. Ta ɗan ƙara jira ko ni zan yi magana, hadari ya taso, ta sauka. Da safe ita aka sa ta danne kafaɗun Inna.

Yaron ya motsa a bayana, Goggo tana tsakar gida tana kiran a zo a ɗauki kular abinci kafin ya huce. Bakina ne ya buɗe da kansa, na ji ina cewa, "A'a, Auta. Kada ki bari a yi."

Ta gyaɗa kai kamar yanzu saƙon ya iso, ta ce, "To, Adda." Sannan ta tashi ta ci gaba da ninke zannuwan Inna, ta ɗauki takalmanta na roba za ta sa a jaka, ta tsaya tana kallon su, ta sa duka biyun.